Dabarar wil da dala 5,000: inda kuɗin ke shigowa da inda suke maƙalewa

*"Ina da dala 5,000 a asusun wani dillalin hannun jari na Amurka. Na ji ana cewa da dabarar wil mutum na samun kashi 2 zuwa 3 cikin 100 duk wata: ka sayar da fut, in an ɗora maka hannun jarin ka koma sayar da kol, haka dai kana ta zagayawa. Wai babu asara, tunda ko ta ina kuɗi kake karɓa. Gaskiya ne? Kuma kuɗina sun isa?"*

Malam, akwai asara, kuma tana da girma. Kuɗin da ake karɓa duk wata ba ƙarya ba ne, za ka gan su a asusunka tun ranar farko. Abin da ba a faɗa maka ba shi ne me ka sayar har aka biya ka. Bari mu ɗauki dala 5,000 ɗin nan naka mu zagaya da su sau ɗaya, za ka ga amsar tambayoyinka biyu da idonka.

A kasuwar Amurka kowace kwantiragi ɗaya tana tsaye ne a kan hannun jari 100, ba a rage ta. Idan ka sayar da fut, wanda za ka gani a allon dillali da sunan `Put`, ka ɗauki alƙawari ne cewa za ka sayi hannun jari 100 na wani kamfani a kan farashin da aka yanke, a kowane lokaci kafin wa'adi ya cika, muddin wanda ya sayi kwantiragin ya buƙaci haka. Shi yana da zaɓi, kai ba ka da shi. Saboda wannan alƙawarin ake biyan ka lada nan take. Kamar ɗan kasuwar hatsi ne da ya ce wa manomi tun da damina, "Ko yaya kasuwa ta kasance da kaka, zan ɗauki buhu ɗari a farashi kaza, amma ka ba ni wani abu yanzu." Idan masara ta yi tsada, manomin zai kai kayansa kasuwa ne, ba zai waiwaye shi ba. Ranar da farashi ya faɗi ƙasa warwas kuwa, da sassafe zai ga motar kaya a ƙofar shagonsa.

To mu sa lissafi. Waɗannan alkaluman na misali ne, amma irinsu ake gani a hannun jari mai matsakaicin motsi. Kamfani yana kan dala 52. Ka sayar da fut a farashin yarjejeniya na dala 50, wanda allon ke kira `Strike`, wa'adin kwana 30, ladan dala 1 a kan kowane hannun jari. Dala 100 ta shigo. A daidai wannan lokacin dillali zai riƙe dala 5,000 ɗinka, domin su ne kuɗin sayen hannun jari 100 a dala 50 idan abin ya zo kanka. Dala 100 a kan 5,000 shi ne kashi 2 cikin 100 da ka ji ana faɗa. Idan ranar Juma'ar da wa'adi ya cika farashi yana sama da dala 50, kwantiragin ta mutu, ladan ya zama naka, kuɗinka sun kuɓuta, ka sake sayar da wata.

Idan kuma farashi ya rufe ƙasa da dala 50, ko da da santi ɗaya ne, ƙa'idar hukumar da ke daidaita waɗannan kwantiragi, wato OCC, ita ce a zartar da ita kai tsaye sai in mai ita ya hana. Za ka wayi gari ranar Litinin da hannun jari 100 a maimakon tsabar kuɗinka. Daga nan rabi na biyu ya fara. Ka sayar da kol, `Call` a allo, wanda shi kuma alƙawari ne cewa za ka sayar da waɗannan hannayen jarin a farashin da aka yanke. A ce farashi ya rufe a dala 49, ka sayar da kol na dala 50 a kan ladan dala 1.10, wata ya ƙare farashi yana 51. An karɓe hannun jarin a dala 50, ka koma riƙe da 5,000 ɗinka da ƙarin dala 210 cikin wata biyu. Wannan shi ne zagayen da ake nuna wa mutane, kuma yana faruwa, sau da yawa ma. Muddin farashi yana kai-komo a kusa da wuri ɗaya ko yana hawa a hankali, dabarar tana tafiya lafiya lau.

Yanzu ga wanda ba a cika nunawa ba. Ka yi wata uku kana sayar da fut na dala 50, duka sun mutu, ka tara dala 300. Wata na huɗu ka karɓi ƙarin 100, jimla 400. A tsakiyar watan kamfanin ya fitar da rahoton ribarsa na wata uku, abin bai yi wa kasuwa daɗi ba, aka buɗe da safe farashi yana dala 38. Ka lura da cewa bai bi ta 48 da 45 da 42 yana sauka ba, balle ka samu damar fita a hanya. An rufe jiya a sama, an buɗe yau a ƙasa. Kai kuwa alƙawarinka na nan: za ka saya a dala 50. Ka biya 5,000 a kan abin da kasuwa ke sayarwa 3,800. Asarar dala 1,200 ke nan. Cire dala 400 da ka tara, ragowar ramin 800. Da za a ƙirga da ladan dala 100 a wata, wannan dare ɗayan ya cinye ladan shekara guda cif.

A nan ne masu tallar dabarar ke cewa babu komai, ai sai ka koma sayar da kol. To a wane farashi? Wannan tambayar ita ce zuciyar al'amarin, don haka zan daɗe a kanta.

Asalin kuɗin sayenka, bayan an cire ladan da ka tara, dala 46 ne a kan kowane hannun jari. Idan kana so ka fita ba tare da asara ba, dole kol ɗinka ya kasance a 46 ko sama. Amma farashi yana 38. Wa zai biya kuɗin kirki domin samun damar saye a dala 50 abin da ake sayarwa 38, cikin kwana 30? Kusan babu. Kol na dala 50 zai iya ba ka santi 10, wato dala 10 a kwantiragi, kuma daga ciki za a cire la'adar dillali, wadda a manyan dillalan Amurka da dama take kusan santi 65 a kowace kwantiragi. Dala 10 a kan jarin 5,000 kashi 0.2 ne cikin 100 a wata, kashi ɗaya bisa goma na abin da ya jawo ka. Idan da wannan ladan kaɗai za ka cike ramin dala 800, wata 80 za ka yi, kusan shekara bakwai. Zagayen ya tsaya. Abin da ya rage shi ne mutum riƙe da hannun jarin da ya faɗi, yana jiran ranar da zai tashi.

Yawancin mutane ba sa iya haƙurin wannan, sai su sauko da farashin kol ɗin kusa da inda kasuwa take. Kol na dala 40 yana biyan dala 1.20, wato 120, sai mutum ya ji kamar kuɗin wata sun dawo. Sai dai hannun jarin da ya faɗi da ƙarfi yakan iya tashi da ƙarfi. A ce ya farfaɗo zuwa dala 47 kafin wa'adi. Za a karɓe naka a dala 40. Ga lissafinka na ƙarshe: 4,000 na sayarwa, da 400 na ladan fut, da 120 na ladan kol, jimla 4,520. Ka yi asarar dala 480 da ta tabbata, babu sauran jira a cikinta. Da ka naɗe hannu ba ka sayar da kol ɗin ba, da kana da hannun jari na 4,700 da ladan 400, wato 5,100. Faɗuwar ta same ka gaba ɗayanta, farfaɗowar kuma ka sayar da ita a kan dala 120.

Kada ka ɗauka faɗuwar kashi 27 cikin 100 da na sa a misalin ƙari na yi, ko kuwa ƙananan kamfanoni kaɗai take samu. Ranar 2 ga Agusta 2024 hannun jarin Intel ya faɗi da kusan kashi 26 cikin 100 a wuni ɗaya, daga wajen dala 29 zuwa wajen 21 da rabi, bayan rahoton riba da sanarwar rage ma'aikata da dakatar da rabon riba ga masu hannun jari. Sama da shekara guda bai sake taka dala 29 ba. Intel kuwa irin kamfanin da masu ƙaramin jari ke so ne domin wannan dabara: suna sananne, farashi mai sauƙi a lokacin, kwantiragi ɗaya ba ta kai dala 3,000 ba. Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, shi ma ranar 3 ga Fabrairu 2022 ya faɗi da kusan kashi 26 cikin 100, daga sama da dala 320 zuwa ƙasa da 240. Ya ci gaba da gangarawa har ya kai wajen dala 90 a Nuwamba na shekarar, sannan ya juya ya rufe 2023 a wajen dala 350. Wanda aka ɗora wa Meta a dala 300, ya gaji da jira ya sayar da kol a 110 ko 120, tarkon da na zayyana a sama ya faɗa kai tsaye, ya fita daidai lokacin da abin ke shirin ninkawa. Akwai kuma waɗanda ba sa dawowa sam. Masu hannun jarin bankin Silicon Valley a Maris 2023 sun tashi kusan babu komai, kuma babu kol ɗin da za a sayar a kan kamfanin da hukuma ta rufe.

Akwai wani abu da yake da kyau ka gane game da ginin dabarar kanta, domin shi ke bayyana dalilin duk wannan. Ana gabatar da ita kamar dabaru biyu ne masu cike wa juna, ɗaya ta lokacin da kake da kuɗi, ɗaya ta lokacin da kake da hannun jari. A lissafi abu ɗaya ne. Ɗauki mutum biyu. Na farko ya ajiye 5,000 ya sayar da fut na dala 50. Na biyu yana riƙe da hannun jari 100 da ya saya a 50, ya sayar da kol na dala 50. Ranar wa'adi idan farashi yana sama da 50, kowannensu ladansa kawai ya samu, ko da farashin ya kai 80. Idan yana ƙasa da 50, kowannensu yana asarar dala 100 a kan kowace dala ɗaya da farashi ya sauka, har zuwa sifili. Don haka ranar da aka ɗora maka hannun jari ba ka koma wani matsayi mai kariya ba. Tun daga ranar da ka sayar da fut na farko kake ɗauke da haɗarin mai hannun jari 100, sai ɗan rangwamen lada da tazarar dala 2 tsakanin 52 da 50. Abin da ka rasa shi ne hawan. Da farashi ya tashi daga 52 zuwa 65 a watan farko, wanda ya sayi hannun jarin kai tsaye ya samu dala 1,300, kai kana da 100.

Sai batun jari, wanda a ganina shi ne ya fi shafar ka. Dala 5,000 kwantiragi ɗaya ce a kamfanin dala 50, ko biyu a kamfanin dala 25. Duk dukiyarka ta rataya a kan rahoton riba na kamfani ɗaya ko biyu. Hanyar rage wannan haɗarin ita ce a yi dabarar a kan asusun da ya tara kamfanoni da yawa, kamar `SPY` mai bin manyan kamfanonin Amurka 500, wanda ba ya faɗuwa da kashi 26 a dare ɗaya saboda rahoton kamfani guda. Amma farashinsa ya haye dala 500 tun farkon 2024, ma'ana kwantiragi ɗaya tana buƙatar sama da dala 50,000 a ajiye, kuma ladansa a kan jari bai kai na kamfani ɗaya mai yawan motsi ba. Shi ma ba tsira ba ce gaba ɗaya, domin tsakanin 19 ga Fabrairu da 23 ga Maris 2020 ma'aunin waɗannan kamfanoni, S&P 500, ya faɗi da kusan kashi 34 cikin 100. Abin da ke faruwa da mai ƙaramin jari shi ne ƙarancin kuɗin ya tura shi wajen hannayen jari masu arha masu yawan tsalle, ya ga ladan kashi 5 ko 6 a wata ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Ladan nan ba kyauta ba ne. Lambar da allon ke nunawa da `IV` ita ce hasashen kasuwa na girman motsin da ke tafe, kuma ita ke kumbura ladan. Duk inda ka ga lada ya yi yawa fiye da na makwabtansa, duba kalanda, sau tari za ka tarar rahoton riba ko hukuncin kotu ko wata babbar sanarwa ta faɗo cikin wa'adin.

Kuɗin da aka riƙe kuma a riƙe suke da gaske. Idan buƙata ta taso a tsakiyar wata, kuɗin haya ko na makaranta ko asibiti, ba za ka iya cire su ba sai ka sake sayen kwantiragin ka rufe ta. Idan farashi ya sauka zuwa 44, fut ɗin da ka sayar dala 1 zai kai sama da dala 6, ka biya fiye da 600 kafin a sake maka 5,000 ɗinka. Wannan dabara ba ta dace da kuɗin da ke da ranar amfani ba.

Za ka kuma ji ana cewa in abu ya juya maka sai ka gusar da wa'adin gaba, abin da allon ke kira `Roll`. Abin da ke faruwa a ciki ciniki biyu ne: ka sayi tsohuwar kwantiragin da tsada, asarar ta tabbata, sannan ka sayar da sabuwa mai wa'adi mai nisa domin ladanta ya rufe wancan kuɗin. Idan farashi ya ɗan gota ne kawai, kamar 49 ko 48, gusarwar na iya amfani. A 38 kuwa, kafin ka samu ladan da zai rufe dala 12 sai ka bar farashin yarjejeniya a 50 ɗin dai, ka ƙara watanni, jarinka na nan a ɗaure, haɗarinka bai ragu da ko santi ba. Wani abin da nake gargaɗi a kai da babbar murya shi ne bashin dillali. Asusun da ke da izinin `Margin` zai bar ka ka sayar da fut huɗu ko biyar da dala 5,000, domin kaso kaɗan na kuɗin kowace yake riƙewa. Ladan ya ninka sau biyar, haka ma asarar: faɗuwar nan zuwa 38 ta zama dala 6,000, ta wuce jarinka, kuma dillali zai rufe maka cinikin da kansa a mafi munin lokaci. Wanda ya yi haka ya bar dabarar wil, ko da yana ci gaba da kiran abin da sunanta.

Idan kai Musulmi ne, akwai maganar da ya kamata ta riga duk wannan lissafin. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na bakwai a Jidda a 1992, ta yanke cewa kwantiragin zaɓi irin waɗanda ake ciniki da su a kasuwannin kuɗi ba su halatta ba, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ce, ba amfanin wani abu ba ne, ba kuma haƙƙin kuɗi ne da ake iya karɓar musaya a kansa ba. Ladan fut da na kol duka suna ƙarƙashin wannan, ko da kamfanin kansa sana'arsa halas ce. Ka kai wa malamin da ya san mu'amalar kuɗi bayanin yadda abin yake aiki, kamar yadda na zayyana shi a sama, kafin ka danna komai.

Ta fuskar kasuwa zalla, amsata ita ce dala 5,000 sun isa a buɗe kwantiragi, amma ba su isa a gudanar da dabarar yadda haɗarinta zai rarrabu ba. Wanda nake ganin ta dace da shi shi ne mai jarin da kwantiragi ɗaya ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 nasa ba, wanda dama yana son mallakar kamfanin a wannan farashin kuma zai iya riƙe shi shekaru, wanda ba ya barin wa'adi ya haɗa da ranar rahoton riba, kuma ya rubuta tun kafin ya shiga farashin da zai sayar ya karɓi asara maimakon ya zauna yana tsintar dala 10 a wata. Masu yin haka sukan zaɓi wa'adin kwana 30 zuwa 45 da `Delta` na wajen 0.20 zuwa 0.30, wanda a gurguje yake nuna yiwuwar kashi 20 zuwa 30 cikin 100 cewa kwantiragin za ta ƙare a kanka. Wannan lambar tana gaya maka sau nawa, ba ta gaya maka zurfin faɗuwar ba.

Kafin ka sa ko dala ɗaya, buɗe asusun gwaji, dillalai da dama suna da shi, ka yi wata shida a kan kamfanin da kake da niyya. Kada ka riƙa ƙirga ladan da ya shigo, domin shi kullum hawa yake yi. Duk ƙarshen wata rubuta darajar asusun baki ɗaya, tsabar kuɗi da hannun jari a farashin ranar, ka cire abin da za ka biya in za ka rufe kwantiragin da ke buɗe. A gefe kuma rubuta abin da dala 5,000 za su zama da ka sayi hannun jarin ka ajiye kawai, da abin da za su zama a `SPY`. Duk wanda ya nuna maka ribarsa ta wil, nemi ya nuna maka waɗannan layuka uku, kuma su haɗa da shekarar 2022, wadda kasuwa ta faɗi a cikinta.